Notis ɗin wata uku ko kwana 90? Ejan ya ce na makara da kwana ɗaya

Sadiq_MK:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana ku duba min wannan lissafin dan tun jiya nake ta juya shi a kaina. Hayar da nake ciki ta shekara ɗaya ce, na shiga 1 ga Yuni 2024, kuma a takardar yarjejeniya akwai wajen da aka ce in ba zan sabunta ba sai na ba da notis a rubuce aƙalla wata uku kafin wa'adin ya ƙare, in ba haka ba kuɗin ajiyata ya tafi. Na kai takardar ranar Asabar 1 ga Maris 2025, ejan ya karɓa ya sa hannu har da kwanan wata, sai ga shi yanzu ya kira ni wai na makara da kwana ɗaya. Ni kuma na ƙirga, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Mayu ai ya ma wuce kwana 90, kuma Maris, Afrilu, Mayu wata uku ne cif. To ina makarar take?

Ummu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga makara ba wallahi, Maris ɗaya, Afrilu biyu, Mayu uku. Kawai so yake ya riƙe maka kuɗi.

Dan_Tela77:
Wata ai kwana 30 ne, uku sau 30 casa'in. Kai kana da 92 ma in ka ƙirga da yatsa, ka ba shi rarar kwana biyu kenan. Kar ka yarda.

BaristaHauwa:
Malam Sadiq sannu da ƙoƙari. Ba zan ce maka ejan ya yi gaskiya kai tsaye ba tunda ban ga takardar ba, amma lissafinsa ba daga iska ya ɗauko shi ba, akwai inda ya dogara. Abu biyu ne suka haɗu a kanka. Na farko takardarka ba ta ce kwana 90 ba, cewa ta yi wata uku, kuma in aka ce wata to watan kalanda ake nufi, ba a mayar da shi kwana 30. Na biyu, a mafi yawan dokoki ranar da aka miƙa notis ba a sa ta cikin ƙirga, saboda ba cikakkiyar rana ba ce, wataƙila da azahar ka kai ko da yamma, rabinta ya riga ya wuce. Sai a fara daga washegari.

To in ka haɗa biyun sai ka ga ƙa'idar da ake bi mai sauƙi ce: ka duba lambar ranar da aka ba da notis, ka nemo wannan lambar a watan da wa'adin zai cika, ranar nan da sha biyun dare yake cika. Ka bayar 1 ga Maris, wata uku zai cika ƙarshen ranar 1 ga Yuni. Hayarka kuma in ta ƙare 31 ga Mayu ne, ka ga notis ɗin ya tsallake ta da kwana ɗaya. Kwana ɗayan da yake faɗa kenan. A wannan lissafin ranar ƙarshe da za ka kai lafiya ita ce Juma'a 28 ga Fabrairu.

Sadiq_MK:
Innalillahi. Barista to amma 28 ga Fabrairu da 1 ga Maris ai kwana ɗaya ne tsakani, ta yaya na 28 zai cika 28 ga Mayu har da rarar kwana uku, nawa kuma ya tsallake zuwa Yuni?

BaristaHauwa:
Gajartar Fabrairu ce ta jawo. Da akwai 29, 30, 31 ga Fabrairu a bana da duk sun yi maka, amma babu su, daga 28 sai 1. Shi ya sa duk notis ɗin da ya bi ta kan Fabrairu nake cewa mutum ya buɗe kalanda ya sa yatsa, kar ya yi da ka.

Injiniya_Bash:
@Dan_Tela77 gyara kaɗan yallaɓai, wata uku ba kullum yake zama 90 ba. Fabrairu, Maris, Afrilu a shekarar da ba ta da 29 kwana 89 ne. Yuli, Agusta, Satumba kuma 92. Wata shida yana kamawa daga 181 zuwa 184. Kenan in ka ɗauki 90 a matsayin wata uku wani lokaci za ka yi rara wani lokaci kuma ka gaza har da kwana biyu.

Kuma na ga lambobi uku suna yawo a maganar Sadiq, dukkansu daidai ne, abin da ake ƙirgawa ne ya bambanta. In ka sa ranar farko da ta ƙarshe duka, 92. In ka ƙirga kwana irin yadda muke faɗa a baki, wato dare nawa aka kwana tsakanin 1 ga Maris da 31 ga Mayu, 91. In kuma cikakkun kwanaki ne, aka cire ranar miƙawa aka cire ranar ƙarewa, saura daga 2 ga Maris zuwa 30 ga Mayu, 90 daidai ba ƙari ba ragi. Wato da takardar cewa ta yi cikakkun kwanaki 90 da ya tsira a kan gaɓa, kalmar wata ce ta kama shi.

Dan_Tela77:
To ni abin da ban gane ba, in kwanakin sun cika meye mai gida ya rasa? An ba shi lokacin neman wani ɗan hayar ai, kwana ɗaya me zai canza masa.

Alh_Maikano:
Yaro ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ma ina ba da haya. Shi mai gida ba ya da ikon korar ka haka kawai ana tsakiyar shekara, dole ya ba ka notis cikakke kuma ko ya cika ba shi zai fitar maka da kaya ba sai kotu. Ka zauna abinka.

Sadiq_MK:
Baba Alhaji ba korata ake ba, ni ne zan tashi da kaina, kuɗin ajiyata ne ake so a riƙe.

Alh_Maikano:
Au to na fahimta a baibai, a gafarce ni. In haka ne ka je wajen mai gidan da kanka ka bar ejan, ni dai ban taɓa riƙe kuɗin mutum kan kwana ɗaya ba.

Zee_Abdul:
Ni tambayata a kan cikakkun kwanakin nan ne da Injiniya ya ambata. Ba shi ne ake cire Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba? Dan a tawa takardar an rubuta cikakkun kwanaki 30 kuma ni duk zatona ranakun aiki ake nufi, har na lissafa ya kai kusan sati shida.

BaristaHauwa:
A'a ƙanwata, abu biyu ne daban. Cikakkun kwanaki bakin farko da bakin ƙarshe kawai yake cirewa, Asabar da Lahadi da suke tsakiya duk ana ƙirga su. Ranakun aiki kuma sai an rubuta ranakun aiki. Inda ake samun ruɗanin, a dokokin shigar da ƙara na kotunan Ingila in wa'adin kwana 5 ne ko ƙasa da haka ana tsallake ƙarshen mako da ranakun hutu, amma wannan tsarin kotu ne na gajeren wa'adi, ba ya bin mutum zuwa cikin takardar hayarsa.

Ga yadda naki zai kasance. A ce kin miƙa 10 ga Afrilu. Rana ta ɗaya 11 ga Afrilu, zuwa 30 ga wata kin samu 20, sai ki ƙara 10 a Mayu, rana ta talatin 10 ga Mayu kenan. Ita ma sai ta wuce gaba ɗayanta, dan haka ranar da za ki rubuta a matsayin ranar ƙarewa 11 ga Mayu ce ko bayanta. Da wata ɗaya aka ce, 10 ga Mayu ya cika. Amma ki gwada miƙawa 10 ga Fabrairu 2025 ki ga tazarar: wata ɗaya ya cika 10 ga Maris, kwana 28 kacal, cikakkun kwanaki 30 kuwa sai 12 ga Maris za su cika, ranar ƙarewa ta zama 13.

Zee_Abdul:
Na gode Anti, Allah ya ƙara basira. Ashe sati biyu na kusa ƙara wa kaina a banza.

Nura_Lissafi:
Masu amfani da Excel ga hanya mai sauƙi, ka sa ranar miƙawa a A1, ranar ƙarewa a B1.

```
=EDATE(A1,3)
=B1-A1-1
```

Na farkon zai ba ka ranar da wata uku ya cika in ka sa gurbinsa a tsarin kwanan wata, na biyun kuma adadin cikakkun kwanaki a tsakani. Na gwada da ranakun Sadiq ya ba ni 1 ga Yuni da kuma 90. Kuma in ka sa 31 ga Janairu 2025 ka ce wata ɗaya 28 ga Fabrairu yake bayarwa, wato in lambar babu ita a watan sai ya tsaya a ranar ƙarshe.

Injiniya_Bash:
Haka ne, kuma ka lura 28, 29, 30 da 31 ga Janairu 2025 duk a rana ɗaya watansu yake cika, 28 ga Fabrairu. Wanda ya bayar 28 ya jira kwana 31, wanda ya bayar 31 ya jira 28, kuma kowa wata ɗaya ya ba da.

Ummu_Hanif:
To ni har yanzu ban gamsu ba gaskiya. Barista kin ce in ya kai 28 ga Fabrairu zai cika 28 ga Mayu. Amma 28 ai shi ne ƙarshen wata, in an cire ranar sai a fara daga 1 ga Maris, Maris Afrilu Mayu, ya kamata ya cika 31 ga Mayu mana ba 28 ba. Ƙarshen wata zuwa ƙarshen wata.

BaristaHauwa:
Hajiya wannan hujjar taki an taɓa kai ta har kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokacin, Majalisar Dattawa, a shari'ar Dodds da Walker da aka yanke a 1981. Mai gida ya ba ɗan hayar wurin kasuwanci notis ranar 30 ga Satumba 1978, doka kuma ta ba ɗan hayar wata huɗu ya nemi kotu ta sabunta masa haya. Sai ya shigar ranar 31 ga Janairu 1979, yana cewa daidai abin da kika faɗa, tunda 30 ga Satumba ƙarshen wata ne to Oktoba, Nuwamba, Disamba da Janairu gaba ɗayansu nasa ne. Alƙalai suka ce a'a, lambar ranar ake bi, 30 ta kai ka 30, wa'adi ya cika 30 ga Janairu da sha biyun dare, ya makara da kwana ɗaya, kuma ya rasa damar. Ina ganin hankali yana iya karɓar lissafinki, amma kotu ta zaɓi ƙa'idar da kowa zai iya bi da kalanda a hannu ba sai ya tsaya tunanin wane wata ne dogo ba. Wannan hukuncin Ingila ne, ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arta kan yi la'akari da shi, amma kowace ƙasa da dokar fassararta, kuma abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ake fara dubawa.

Musbahu_DE:
Abin da Barista ta faɗa a ƙarshe shi ne gaskiya, wuri ya bambanta. A Jamus lissafin wata kusan iri ɗaya ne, lamba zuwa lamba, in babu lambar a koma ƙarshen wata. Amma a hayar gidan zama wadda ba ta da ranar ƙarewa, in notis ɗin ɗan haya ya isa hannun mai gida zuwa ranar aiki ta uku a wata to wannan watan ya shiga lissafi, hayar ta ƙare ƙarshen wata na biyu bayansa. Kenan irin takardar Sadiq ta 1 ga Maris a can 31 ga Mayu za ta ƙare lafiya lau. Sai dai isowa ake dubawa ba ranar da ka jefa a gidan waya ba.

Dan_Tela77:
Kun gani ko, ai ga shi can sun yi abin hankali.

Kabir_Law300:
Slm. Ni ɗalibi ne amma mun karanta wata shari'a da nake ganin ta ceci Sadiq, Mannai da Eagle Star ta 1997. Ɗan haya ya rubuta 12 ga Janairu 1995 maimakon 13, kuskuren kwana ɗaya, kuma Majalisar Dattawan ta ce notis ɗin ya inganta. To kuskuren kwana ɗaya ba ya kashe notis kenan, Sadiq ka kai masa wannan.

BaristaHauwa:
Kabir ka tuna shari'ar daidai amma ba ta hau kan wannan ba. A can ana buƙatar notis na aƙalla wata shida kuma ɗan hayar ya bayar tun watan Yunin 1994, lokaci ya isa har da rara. Kuskuren a rubutu yake, ya sa 12 inda ya kamata ya sa 13, alƙalai uku cikin biyar suka ce duk mai gida mai hankali da ya san yarjejeniyar zai gane 13 ake nufi. Wato ana iya gyara abin da takarda take nufi ta hanyar karanta ta da hankali. Amma takardar da ta iso a makare babu irin karatun da zai mayar da ita ta iso jiya. Matsalar Sadiq ranar isowa ce ba ranar da ya rubuta a ciki ba.

Kabir_Law300:
Na gane Barista, na gode da gyara. To amma wata tambaya, ya ce ya shiga 1 ga Yuni 2024 na shekara ɗaya. In takardar cewa ta yi shekara ɗaya daga 1 ga Yuni kuma ba ta faɗi ranar ƙarewa ba, ba za a iya cewa ita ma ranar farkon an cire ta ba, shekarar ta cika ƙarshen 1 ga Yuni 2025? In haka ne ai notis ɗinsa ya faɗo daidai a kai.

BaristaHauwa:
Yawwa, wannan ita ce tambayar da ta dace. Kalmar daga ita kaɗai ana jayayya a kanta, wani lokaci a sa ranar wani lokaci a cire, ya danganta da sauran takardar da kuma ranar da aka ba shi makulli. Malam Sadiq ka kwafo mana layi biyun yadda suke, na wa'adi da na notis.

Sadiq_MK:
Ga ma'anarsu. Na farko: hayar shekara ɗaya daga 1 ga Yuni 2024 zuwa 31 ga Mayu 2025. Na biyu: ɗan haya zai ba mai gida ko wakilinsa sanarwa a rubuce aƙalla wata uku kafin ƙarewar wa'adi. Shi kenan, ba a ce hannu da hannu ba, ba a ce ta gidan waya ba. Kuma yanzu da nake dubawa na tuna tun ranar Alhamis 27 ga Fabrairu na tura wa ejan saƙo a waya cewa ba zan sabunta ba zan kawo takarda ranar Asabar, ya amsa min da to Allah ya kai mu. Saƙon yana nan ban goge ba.

Ummu_Hanif:
Alhamdulillah to ai magana ta ƙare, saƙo ma rubutu ne.

Injiniya_Bash:
Ƙofar da Kabir ya buɗo dai ta rufu tunda an rubuta 31 ga Mayu ɓaro-ɓaro. Amma 27 ga Fabrairu wata ukunsa 27 ga Mayu ne, yana ciki da rarar kwana huɗu.

BaristaHauwa:
Saƙon nan ya fi duk lissafin da muka yi tun safe amfani a gare ka, ka ɗauki hotonsa yanzu yadda kwanan wata da lambar ejan da amsarsa za su fito, ka ajiye a wani wuri daban. Amma Hajiya ban ce ta ƙare ba. Za su iya cewa saƙon waya bai cika sharaɗin a rubuce ba, wannan kuwa dokar wurin ce za ta raba. Kuma za su iya kama kalmarka ta zan kawo takarda su ce kai da kanka ka nuna saƙon share fage ne, notis ɗin na ainihi shi ne na Asabar. Abin da zai taimake ka shi ne in ka faɗi a fili cewa ba za ka sabunta ba, ba ina tunanin tashi ba. Ya ka rubuta shi daidai?

Sadiq_MK:
Na rubuta: ina sanar da kai ba zan sabunta haya ba in ta ƙare ƙarshen Mayu, zan kawo takarda ranar Asabar in sha Allah.

Alh_Maikano:
Ni a matsayina na mai ba da haya in ɗan hayata ya turo min wannan na ɗauka ya sanar da ni, ban san abin da lauyoyi za su ce ba.

Musbahu_DE:
A Jamus kam da saƙon waya bai yi ba, notis ɗin hayar gida sai takarda da sa hannu na ainihi. Shi ya sa kar a yi saurin cewa ya tsira, a duba dokar inda yake.

Dan_Tela77:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, mutum ya ba da Maris Afrilu Mayu cur a ce bai ba da wata uku ba, wannan bai kwanta min ba ko wace kotu ce ta faɗa.

BaristaHauwa:
Malam Ɗan Tela da an rubuta wata uku farawa da ranar da aka miƙa, da lissafinka ne daidai, 1 ga Maris ta shiga ciki a cika 31 ga Mayu. Tasa ba ta ce haka ba, aƙalla wata uku kafin ta ce, kuma kalmar aƙalla tana ƙara ƙarfafa cewa wa'adin ya zama cikakke ba gutsure. Malam Sadiq ka rubuta wa mai gidan wasiƙa gajeriya ka haɗa da hoton saƙon, ka ce ka sanar tun 27 ga Fabrairu kuma takardar 1 ga Maris tabbatarwa ce, kar ka rubuta ko'ina cewa ka yarda ka makara. Sannan ka nuna wa lauyan da ke kusa da kai takardar gaba ɗayanta, dan shi kansa sharaɗin cinye kuɗin ajiya kan makara akwai wuraren da doka ba ta barin sa.

Zee_Abdul:
Anti afuwan na dawo, in rana ta ƙarshe da zan iya miƙawa ta faɗo Lahadi kuma ofishin ejan a rufe yake fa, Litinin ta yi?

BaristaHauwa:
Kar ki dogara da hakan. Wa'adin da ake ƙirgawa baya daga ranar ƙarewa, in kin matsa zuwa Litinin kin rage wa mai gida kwana ɗaya ne daga abin da aka yi masa alkawari. Ki kai Juma'a, a sa miki hannu da kwanan wata a kwafinki.

Sadiq_MK:
Na gode ƙwarai jama'a. Na kira ejan na karanta masa saƙon, ya ce shi bai ɗauke shi a matsayin notis ba amma zai kai wa mai gida maganar, wai in saurare shi zuwa Laraba. Wasiƙar dai zan rubuta ta yau da dare in kai gobe.

Nura_Lissafi:
Ka yi kwafi biyu, kuma ranar da ya karɓa ya rubuta da hannunsa ba kai ba.